Jarina ya faɗi kashi 15, barci ya ƙaurace min: tsoro ne ko na wuce ƙarfina?

"Salam Malam. Shekarata 34, ina da mata da yara biyu. Na tara miliyan 10, manhajar da nake amfani da ita ta yi min wasu tambayoyi ta ce ni Aggressive ne, wato mai iya ɗaukar kasada sosai, sai na zuba duka a hannun jari. Yanzu saura miliyan 8 da rabi, ba na iya barci, kullum ina kan waya ina dubawa. Albashina 550,000 ne a wata, muna kashe 400,000, kuma nan da wata 18 dole in biya miliyan 3 cikon kuɗin gida. Abokina ya ce tsoro ne kawai ke damuna tunda da sauran ƙuruciyata. Ya zan gane iya kasadar da ta dace da ni?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, manhajar ma ta faɗi nata rabin, matsalar ita ce dukansu biyun suna amsa tambaya ɗaya ne alhali tambayoyin biyu ne, kuma ba hanya ɗaya ake bi wajen amsa su ba. Ta farko, nawa za ka iya asara ba tare da wani abu ya rushe a rayuwarka ba. Wannan lissafi ne zalla, da biro da takarda ake yinsa, ba ruwansa da ko kai jarumi ne ko matsoraci. Ta biyu, nawa za ka iya gani ya zube a kan allo ba tare da hannunka ya kai kan maɓallin sayarwa ba. Wannan kuma zancen zuciya ne, ba a gane shi da abin da mutum ya faɗa da bakinsa, sai da abin da ya aikata ranar da kasuwa ta juya masa baya. Ta farkon zan riƙa ce mata ƙarfin aljihu, ta biyun kuma ƙarfin zuciya.

Kamar mota ce da direbanta. Motar tana da iya nauyin da take ɗauka, ko direban ya kai kowa taurin kai in ya lafta mata abin da ya fi ƙarfinta sai ta zauna a hanya. Haka kuma in motar garau take amma direban hannunsa na rawa in ya ga gangara, shi da kansa zai kayar da ita. Ba ɗayan da ke rufa wa ɗayan asiri.

Me ya sa manhajar ta ce maka Aggressive

Ba ƙarya ta yi maka ba, abin da ka ba ta ne ta dawo maka da shi. Yawancin irin waɗannan tambayoyin maki suke tarawa: shekarunka kaza, maki kaza, in jarinka ya faɗi kashi 20 me za ka yi, ka zaɓi "zan ƙara saye" sai a ba ka maki mai yawa, a ƙarshe a haɗa komai wuri ɗaya a fitar da suna. To ka ga inda gizo ke saƙar, an zuba amsar aljihu da amsar zuciya a ma'auni ɗaya, sai ƙuruciyarka da ƙarfin halin da ka nuna ranar suka danne maganar miliyan 3 ɗin nan da ke da ranar biya, in ma an tambaye ka ita kenan. Sannan ita tambayar "me za ka yi in ya faɗi" ana amsa ta ne a lokacin da hankali ke kwance, galibi ma kasuwa na hawa, kowa jarumi ne a irin wannan ranar. A aikina na zama da mutane kan kuɗinsu na sha ganin wanda ya cike takarda ya ce shi ko rabi ya tafi ba zai girgiza ba, kasuwa ta ɗan sauka kashi 10 ya kira ni muryarsa na rawa. Ba munafunci ba ne, "kashi 20" a takarda ba ya ciwo, "miliyan 2" shi ke ciwo, shi ya sa ni ban taɓa tambayar mutum da kaso ba, da ainihin adadin kuɗinsa nake tambayarsa.

Ƙarfin aljihu: mu yi lissafin da kuɗinka

Kafin lissafin sai mun san wace irin faɗuwa muke shirya wa, don kashi 15 ɗin da ka gani ba komai ba ne a tarihin kasuwar hannun jari. Ɗauki S&P 500, ma'aunin manyan kamfanoni 500 na Amurka, wanda shi ne aka fi kafa misali da shi. Daga 2000 zuwa 2002 ya faɗi kusan rabi, bai koma inda yake ba sai 2007. Yana komawa kuma ya sake rikitowa, daga Oktoba 2007 zuwa Maris 2009 ya zubar da kusan kashi 57, sai 2013 ya sake taɓo wancan matakin. A 2020 lokacin korona cikin kusan mako biyar ya faɗi kusan kashi 34, wannan karon dai ya farfaɗo cikin 'yan watanni. Sai Japan, wadda masu cewa "ai kasuwa kullum tana dawowa" ba sa son a tuna musu, ma'aunin Nikkei ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, bai sake ganin wannan lambar ba sai Fabrairu 2024. Eh ta dawo, amma wanda ya shiga yana ɗan shekara 34 sai da ya doshi 70.

Saboda haka ni abin da nake aiki da shi shi ne, duk kuɗin da ke cikin hannun jari ka ɗauka zai iya rabewa biyu, kuma ya zauna a ƙasa shekara biyar. Ba annabci ba ne, gwaji ne, kuma na jarin da aka baza a kamfanoni masu yawa ne. In kamfani ɗaya ko biyu ka riƙe, ko kirifto, to rabi ya yi kaɗan. Bitcoin daga Nuwamba 2021 zuwa Nuwamba 2022 ya zubar da fiye da kashi 75, kamfani ɗaya kuwa zai iya tafiya gaba ɗaya ba dawowa. Ka kuma riƙe cewa hawa ya fi sauka wuya: abin da ya faɗi kashi 20 sai ya hau kashi 25 kafin ya koma, wanda ya faɗi kashi 50 kuwa sai ya ninka kansa, kashi 100 cif.

To yanzu mu zo kan miliyan 8 da rabinka. Da gangan na ce 8 da rabi ban ce 10 ba, goman nan ta wuce, lissafin da aka yi da kuɗin da babu su lissafin banza ne.

Abu na farko da za mu cire shi ne kuɗin ko-ta-kwana, wanda in albashi ya tsaya ko rashin lafiya ta faɗo gida zai ci gaba da tafiya. Ga mai iyali da albashi ɗaya ni wata shida nake sa wa, wato 400,000 sau shida, miliyan 2 da dubu 400. Wannan kuɗin ba jari ba ne, aikinsa kawai ya kasance yana nan ranar da aka neme shi, a asusun da za ka iya cirewa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Abu na biyu, duk kuɗin da ke da rana. Miliyan 3 ɗin gida suna da rana, wata 18, kuma wanda za ka biya ba zai saurari labarin cewa kasuwa ta faɗi ba. Duk kuɗin da za ka buƙata cikin shekara uku, wasu ma su ce biyar, ƙarfin ɗaukar asararsa sifili ne ko da kai ɗan shekara 25 ne. Nan ne abokinka ya kuskure, shekarun mutum ba su ne shekarun kuɗinsa ba. Kai kana da shekara 30 a gabanka in Allah ya ja kwana, amma waɗannan miliyan 3 ɗin wata 18 kawai gare su.

Haɗa su biyun, miliyan 5 da dubu 400. Cire daga miliyan 8 da rabi, saura miliyan 3 da dubu 100. Wannan shi ne kuɗin da ba shi da aiki nan kusa, kuma shi ne rufin ƙarfin aljihunka. In ya rabe biyu ka yi asarar miliyan 1 da dubu 550 a takarda, zai yi ciwo, amma gida na nan, yara na makaranta, ba ka ci bashi ba. Hanya mai sauƙi ta auna nauyin wannan asarar ita ce ka raba ta da abin da kake iya ajiyewa a wata. Kai kana da rarar 150,000, ka ga kusan wata goma na tanadi kenan zai cike gurbin. Mutumin da ya yi ritaya ba shi da wannan rarar, shi in ta zube ta zube, shi ya sa adadi ɗaya yake zama rauni ga wani, ga wani kuma ƙwarzane.

Na san za ka ce ai 150,000 sau 18 miliyan 2 da dubu 700 ne, kusan kuɗin gidan ma daga albashi zai fito, me zai sa in ware miliyan 3 tun yanzu? Tambaya ce mai kyau kuma tana da tasiri, amma ta dogara da irin aikinka. Abin da mutane ke mantawa shi ne faɗuwar kasuwa da sallamar ma'aikata sau da yawa tare suke zuwa, a 2008 haka aka yi, jari ya zube aiki kuma ya tafi a lokaci ɗaya, mutane suka sayar a ƙasa ba don tsoro ba sai don cefane ya gagara. In aikinka na dindindin ne wanda ba ya bin yanayin kasuwa, zan yarda ka lissafa rabin wannan rarar, miliyan 1 da dubu 350, sai rufinka ya tashi zuwa miliyan 4 da dubu 450. In kuwa kwantiragi ne, ko kamasho, ko kamfanin da ke rage mutane da zarar ciniki ya ja baya, kar ka lissafa ko sisi. Haka in kana riƙe da hannun jarin kamfanin da kake wa aiki ko na irin sana'arku, ka ninka kasadar ne ba ka sani ba, abin da zai taɓa albashin shi zai taɓa jarin. Bashi ma yana rage rufin nan, da duk wanda ke dogara da kai bayan matarka da yara, ba ka ambace su ba amma in akwai sai ka cire nasu kafin ka kai ga saura.

Rashin barcin nan, daga ina yake?

Nan ne nake so ka tsaya sosai, don shi ne abin da ba kasafai ake faɗa wa mutane ba. Tsoro iri biyu ne kuma kamarsu ɗaya a jiki, duka suna hana barci, duka suna sa ka duba waya tsakar dare. Akwai tsoron da ke da dalili, wato zuciyarka ta riga ƙwaƙwalwarka yin lissafi, ta gane cewa kuɗin da ke da aiki suna cikin haɗari. Akwai kuma tsoron ganin jan lamba kawai, wanda ko mai biliyan yana iya fama da shi. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farkon ba a lallashinsa, gyara ake yi. Na biyun shi ne ake iya horarwa.

Yadda nake bambanta su, sai in ce wa mutum: a ce wannan kuɗin ya rabe biyu gobe ya zauna haka shekara biyar, faɗa min abu ɗaya da zai canza a rayuwarka, ka kira sunansa. In ya iya kiran suna, gida zai kuɓuce, yaro zai bar makaranta, zan ci bashi, to ba tsoro ne ke damunsa ba, ya wuce ƙarfin aljihunsa ne. In kuwa ya yi shiru ya ce "ba abin da zai canza, amma wallahi raina zai ɓaci", wannan zancen zuciya ne.

Gwada da naka. Miliyan 8 da rabi in sun rabe biyu saura miliyan 4 da dubu 250, ka biya miliyan 3 na gida saura miliyan 1 da dubu 250, abin da zai riƙe gidanka wata uku kawai in albashi ya tsaya. Ka ga kana da sunan da za ka kira. Don haka a ganina babban kaso na rashin barcinka ba ragwantaka ba ce, gargaɗi ne, kuma gargaɗin gaskiya. Wanda ya ce maka ka daure ka rufe ido yana ce maka ne ka kashe ƙararrawar ka bar wutar tana ci.

Amma ba zan ce maka duka daga nan yake ba, don wannan duba wayar ba dare ba rana yana nuna akwai ɗayan ma. Kuma ba abin kunya ba ne, haka aka halicci yawancinmu. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky tun 1979 suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai adadi ɗaya, daga baya a 1992 suka ƙiyasta cewa ya ɗan haura ninki biyu. Sai masana tattalin arziki Shlomo Benartzi da Richard Thaler a 1995 suka ɗora da cewa yawan dubawa yana ƙara wa mutum ƙin kasada. Dalilin a fili yake, in kullum kake dubawa kusan rabin ranakun ja za ka gani, kowace ja kuma tana cizo ninki biyu na yadda kore ke faranta rai, sai ka wayi gari kullum a cikin ɓacin rai ko da a shekarar gaba ɗaya riba ka ci. Jari ɗaya, mutum ɗaya, amma mai dubawa sau huɗu a shekara da mai dubawa sau goma a rana kamar ba abu ɗaya suka saya ba.

Auna zuciyar da adadi

Kai ka ci sa'a ta wani ɓangaren, kasuwa ta yi maka jarrabawar da wasu sai sun tsufa suke gamuwa da ita, kuma tana da tsada amma sakamakonta ya fi na kowace manhaja gaskiya. Ka zauna ka tuna yadda abin ya faro. Lokacin da asarar take 300,000 me ka ji? Da ta kai 800,000 fa? A wane adadi ka fara duba waya fiye da sau ɗaya a rana, a wane adadi ka fara ɓoye wa maiɗakinka maganar, a wane adadi ka buɗe shafin sayarwa ka tsaya kana kallo? Buɗe tarihin asusun ka duba ranakun, kar ka dogara da tunani kawai don zuciya tana gyara labari bayan abu ya wuce. Adadin da ke ƙasa kaɗan da inda halinka ya fara canzawa, shi ne iyakarka ta yanzu. Ba inda ka ji ba daɗi ba, kowa yana jin ba daɗi, inda ka fara yin abin da ba ka saba ba.

Mun san miliyan 1 da rabi ya fi ƙarfinka tunda a nan barci ya gudu. Bari mu ce ka duba ka ga har 800,000 kana lafiya lau. To sai mu juya lissafin: in hannun jari zai iya rabewa biyu, kuma asarar da zuciyarka ke ɗauka 800,000 ce, abin da za ka saka a ciki shi ne ninki biyu na wannan, miliyan 1 da dubu 600.

Yanzu kana da lambobi biyu a gabanka. Aljihu ya ce miliyan 3 da dubu 100, ko 4 da dubu 450 in aikinka mai ƙarfi ne. Zuciya ta ce miliyan 1 da dubu 600. Ƙaramar ake ɗauka, kullum, ba a raba tsakiya. Ka lura ma gardamar ko a lissafa albashin gaba ko kar a lissafa ba ta canza amsarka ba ko kaɗan, tunda zuciyar ce ta tsayar da mu. Ragowar miliyan 1 da rabi na kuɗin dogon zangon sai su zauna a abin da ba ya tsalle sosai, irin takardun bashin gwamnati na gajeren lokaci ko sukuk ko asusun ajiya mai wa'adi, gwargwadon abin da ka yarda da shi.

Me ya sa ba za a ce mutum ya daure ya bi lambar aljihu ba tunda zai iya? Saboda asarar da ke kan allo ba ta zama ta gaske sai an sayar, kuma mai sayarwar ita ce zuciyar. Wanda ya sayar a Maris 2020 don ya kasa jurewa, ya tsaya a gefe yana jiran ƙura ta lafa, kasuwar ta dawo ta wuce shi yana kallo. Gara ɗan ƙaramin kaso da za ka iya riƙewa shekara ashirin da babban kaso da za ka yar a mummunar rana.

Sai dai su biyun ba matsayinsu ɗaya ba, kuma wannan bambancin ya kamata ya zauna maka. Lambar aljihu bango ce, ba a tattaunawa da ita, ba ta motsawa sai yanayinka ya canza, ka biya gidan, albashi ya ƙaru, yara sun kama kansu. Lambar zuciya kuwa tana girma. Ina ma kyautata zaton taka za ta tashi da kanta da zarar ka san kuɗin gida da na ko-ta-kwana suna gefe ba abin da zai taɓa su, na ga haka a wurin mutane da dama, mutumin da ke firgita da kashi 10 sai ka ga ya shanye kashi 25 yana murmushi don ya san ba abincin gidansa ba ne ke lilo. Ka cire manhajar daga fuskar wayar, ka sa wa kanka ranar dubawa sau ɗaya a wata uku, ka riƙa ƙara wani abu daga rarar wata-wata a hankali, in wata faɗuwar ta zo ka wuce ta ba ka taɓa komai ba sai ka ɗan ɗaga kason. Da haka ake matsawa zuwa rufin, ba da tsalle ɗaya ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma ba irinka ba ne, kishiyarka ne. Mai zuciyar dutse da aljihu marar zurfi, wanda zai zuba kuɗin haya ko kuɗin da ya ranto, ya yi barcinsa har da minshari. Shi ba ƙararrawar da za ta tashe shi, kuma manhaja za ta ba shi maki mafi yawa. Kwanciyar hankali ba hujja ba ce cewa mutum zai iya ɗaukar asara, wani lokacin alama ce kawai ta bai taɓa ganin faɗuwa ba. Sannan akwai mai aljihu mai zurfi da ya ƙi kasada kwata-kwata ya bar komai a tsabar kuɗi, shi ma yana asara, hauhawar farashi na cin kuɗin a hankali, illa dai ba ta fitowa da jan launi a waya shi ya sa ba ta hana shi barci.

To in sayar yanzu a kan asara?

Wannan ita ce mai ɗacin. Lissafinmu ya ce aƙalla miliyan 5 da dubu 400 ba wurin zamansu ba ne nan, kuma fitar da su yana nufin ka amince da asarar kashi 15 a kansu. Zuciya za ta ce bari ya koma 10 tukuna. Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba, ba ka kuma bin ta bashin komawa. Zai iya hawa wata mai zuwa ka ji haushin ka yi gaggawa, ba na musun wannan, zai kuma iya ƙara sauka kashi 30. Tambayar ba wanne zai faru ba ce, tambayar ita ce wanne daga cikin kuskuren biyu za ka iya rayuwa da shi. In ka sayar ya hau, ka rasa ribar da da ka samu. In ka riƙe ya faɗi, gidan ne a kan layi.

Da ni ne kai, kuɗin gida da na ko-ta-kwana zan fitar da su ba tare da jan lokaci ba, in fitarwa lokaci ɗaya ta yi maka nauyi ka raba kashi biyu ko uku cikin 'yan makonni, amma ka rubuta ranakun tun yau ka bi su ko kasuwa ta hau ko ta sauka, in ba haka ba "bari in ga gobe" za ta kai ka wata goma sha takwas. Ita kuwa miliyan 1 da rabin da ke tsakanin lambar aljihu da ta zuciya ba ta da gaggawa, ka bar ta sai bayan ka ware na farkon ka ga yadda barcinka ya koma. In ya dawo daidai, wataƙila zuciyarka ta fi 800,000 ƙarfi, kuɗin gidan ne suka dame ta, sai ka bar miliyan 1 da rabin nan inda suke. In har yanzu kana farkawa tsakar dare, sai ka rage. Kuma ka zauna da maiɗakinka ku yi maganar da adadi, don ita ma tana cikin motar, ƙarfin zuciyar gida ba na mutum ɗaya ba ne.

Wannan hanyar tana da iyakarta. Rabewa biyu ma'auni ne na aiki, kasuwa ta taɓa yin abin da ya fi haka muni, tsakanin 1929 da 1932 ma'aunin Dow Jones na Amurka ya zubar da kusan kashi 89. Abin da ake kira wurin aminci ma ba garanti ba ne, a 2022 hannun jari da takardun bashi na dogon zango tare suka faɗi a Amurka, shi ya sa na ce maka na gajeren lokaci. In kuma a inda kake hauhawar farashi tana gudu da sauri, ko kuɗin gidan zai iya tashi kafin ranar biya, sai ka ware fiye da miliyan 3, kuma wata shidan ko-ta-kwana ka riƙa sabunta lissafinsa da abin da kuke kashewa yanzu ba na bara ba. Kafin ka danna sayarwa ka duba kuɗin da dillali zai cire da harajin da zai iya hawa kai, da kwana nawa kuɗin ke ɗauka kafin su shigo asusunka. In kuma akwai wani ɓangare na jarin da ka saya da rance daga dillalin, manta da duk lambobin da ke sama ka fara rufe wannan, don shi ba ya jiran zuciyarka ko aljihunka, in farashi ya kai wani mataki su za su sayar da jarin naka da kansu.